Kaurar Malam Hadi

Safiyatu tana da gona, amma an yi shekaru masu yawa ƙafarta ba ta taka cikinta ba. Gonar gado ce daga mahaifinta, Malam Hadi, a wani ƙauye da ke kusa da Kunci. Ita kuwa aure ya kai ta wajen Tsanyawa tun tana yarinya. Lokacin da take da ƙafa, zaman aure bai bar ta zuwa gona ba. Da mijin ya rasu, shekaru suka ba ta damar fita, sai gwiwoyi suka ƙi. Daga ɗaki zuwa gindin darbejiyar tsakar gida, nan tafiyarta ta tsaya.

Zubair, ɗan wanta, shi yake noma mata gonar. Duk bazara zai zo a kan babur, ta fasa yumɓun da ta liƙe bakin wani tsohon tulu da shi, ta auna masa iri. Jar kaura ce, wadda Malam Hadi ya riƙa zaɓen zangarniyarta tun kafin a haifi Safiyatu. Ba ta da yawan tsaba kamar irin da ake sayarwa a kasuwa, kuma tana jinkirin nuna, shi ya sa 'yan'uwa suka watsar da ita ɗaya bayan ɗaya. Safiyatu kaɗai ta riƙe. In an tambaye ta dalili, sai ta ce tuwonta yana kwana bai saki ba. Ba ta ƙara komai a kai.

Tana da ƙa'ida guda da ta koya a wurin mahaifinta: ba a juye tulun iri. Ana auna rabi, a bar rabi a cikin toka, ko da shukar farko za ta ƙi.

A shekarar da muke magana, shukar farko ta ƙi. Ruwa ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, sai fari ya biyo baya ya ƙone tsiron. Zubair ya dawo da buhu a hannu, ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Inna, ko in sayo na kasuwa mu sake shukar da shi? A bar wannan ya huta."

"Iri ba ya hutawa, Zubairu. In ya daɗe a tulu mutuwa yake yi."

Ta juye masa sauran. Ta kakkaɓe gindin tulun da tafin hannu, toka ta tashi, ta yi tari.

Shuka ta biyu ta kama da kyau. Sai marka ta zo da ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Aka yi kwanaki ana yi ba ƙaƙƙautawa, katangu suka zube, hanyar gonaki ta yanke. Wanda ya tsaya a bakin hanya ba ya ganin komai sai kan gero da dawa, bai san abin da ke ƙarƙashi ba. Ƙungiyar manoman ƙauyen ta nemi Malam Abdulkabir, malamin gona, ya zo da ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar bidiyo, a ga inda ruwan ya kwanta da inda za a iya buɗe masa hanya.

Washegarin tashin jirgin, da hantsi, Safiyatu ta ji sallamar maza a zaure. Zubair ne, da malamin gona riƙe da jakar kwamfuta, da Basiru, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tata. Ganin Basiru ya sa ta gyara zama. Mutum ba ya barin gonarsa a tsakiyar marka ya yi wannan tafiyar don gaisuwa kawai.

"Inna, ga mijinki na kawo miki," in ji Zubair, yana nuna malamin, wanda a haife bai wuce jikanta ba.

"Wannan? Miji ba goro, ba turmin atamfa, sai jaka kamar wanzami?"

"Na kawo abin da ya fi atamfa, amarya," in ji Abdulkabir. "Gonarki na kawo miki har ɗaki."

Aka yi dariya, amma Basiru bai yi ba.

Malamin ya ɗora kwamfutar a kan kujerar tsugunno, ya juya ta yadda hasken ƙofa ba zai dame ta ba. Da farko Safiyatu ba ta gane komai ba. Ƙyalle-ƙyalle ne kawai, kore da rawaya da ruwan ƙasa, an jera su kamar facin riga. Sai wani dunƙulen duhu ya shigo daga gefe, mai inuwa a gefensa.

"Tsaya," ta ce. "Wannan tsamiya ce?"

"Ita ce, Inna," in ji Zubair.

A gindin tsamiyar nan take ajiye wa mahaifinta fura. Ba ta taɓa ganinta daga sama ba. Ta kai yatsa za ta taɓa gilashin, sai ta janye.

Abdulkabir ya bar ta ta gama kallo, sannan ya fara bayani a hankali. Ya nuna mata wani fili launin ƙasa a yammacin gonar.

"In kyamara tana kallon ƙasa kai tsaye, wannan sai ki ce fili ne da ba a shuka ba, don ruwan ya ɗauko laka, launinsu ɗaya da ƙasa. Amma duba da na karkata ta wajen rana."

Hoton ya juya, filin ya yi walƙiya kamar faranti. Tsakanin kunya da kunya ma ruwa ne, layi-layi, yana ƙyalli a ƙarƙashin ganye.

"To wannan rawayan fa? Ba rashin taki ba ne? Na ce wa yaron nan ya ƙara taki."

"Na ƙara, wallahi," in ji Zubair.

"Daga sama suna kama da juna," in ji malamin. "Amma duba yadda rawayan ya bi bakin ruwan, inda ruwa ya tsaya nan ya tsaya. Duk da haka ban yarda da hoto kaɗai ba. Na naɗe wando na shiga, na tumɓuke ɗaya. Saiwar ta yi baƙi, tana wari. Wannan ɓangaren ya tafi, Inna."

Ta ƙura wa hoton ido. Can ta nuna wani wuri mai kore shar a tsakiyar ruwan.

"Ga wannan da ransa."

"Ciyawa ce. Na saukar da jirgin ƙasa-ƙasa na duba. Kin ga ba ta bin layi."

Sai ya matsa gaba, zuwa gabashin gonar. Nan wani siririn yanki ne, kore mai duhu, layukansa a miƙe, ƙasar tsakaninsu ba ta walƙiya. Wani dogon tudu mai gamba a kansa ya raba shi da ruwan.

"Wannan kaurarki ce, lafiyarta ƙalau," in ji shi. "Tudun nan ne ya tare mata."

Safiyatu ta san tudun. Tana ƙarama ta ga mahaifinta yana tara shi da kwando, yana dasa gamba a kai.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Ko wannan ya isa iri."

Basiru ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Malamin ya mayar da bidiyon baya, zuwa inda jirgin ya yi sama sosai, gonaki da yawa suka shigo. Duk yamma da gonarta ruwa ne a ƙarƙashin gero, gonar Basiru da ta wasu gidaje. Geron ya riga ya fitar da kai, ganyen ƙasa ya fara rawaya, na sama da sauran kore. Ya tsayar da hannunsa a wani wuri, ya ce ta kalli karmamin da ke yawo a kan ruwa. A hankali yake tafiya, duk gabas, har ya taru a jikin tudun gamba ya tsaya. Bayan tudun kaurarta ce. Bayan kaurar kuma rafi.

"Ruwan nan hanya yake nema," in ji Abdulkabir. "Na zagaya da jirgi, na zagaya da ƙafa. Kudu titi ne, an ɗaga shi. Arewa gidaje ne. In aka sare tudun nan, zai sauka rafi. Geron da bai mutu ba, ina sa ran mafi yawansa zai tashi, in an yi da wuri. In aka bar shi, saiwarsa za ta bi ta waccan dawar."

"In an sare, ta kan kaurata zai bi."

"Ta kanta zai bi. Za mu haƙa masa kwata, amma ƙasar yashi ce, ruwan kuma da yawa. Ba zan ce miki zai tsaya a cikin kwatar ba."

"A cire ta a dasa a wani wuri mana."

"Ta wuce dashe, Inna," in ji Zubair. "Ta fi ni tsawo. Kuma ko ciki ba ta yi ba, balle a yanki kai."

Sai a lokacin Basiru ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Inna, jiya wasu suka ce a sare kawai, a ba ki haƙuri daga baya. Na ce ba a fasa iyakar mutum ba da bakinsa ba. Ko mai gonar yana Makka sai an jira shi. In kin ce a'a, a'a ce. Ba wanda zai taɓa."

"Yaranka nawa yanzu, Basiru?"

"Suna nan dai, Inna. Gidan ya cika."

Ta ce a sake nuna mata yankin. Malamin ya mayar, ya tsayar da hoton. Ta daɗe tana kallo. Iskar jirgin ko ta Allah, ba ta sani ba, ta kwantar da ganyen gefe guda a daidai inda hoton ya tsaya.

"Zubairu, kai za ka fara sara," ta ce. "Kada bare ya fara. Ka yi bisimilla."

Aka sare tudun a ranar. Ruwan ya bi kwatar da farko, daga baya ya ci gefenta, ya faɗaɗa, ya kwashe kunyoyin. Da Abdulkabir ya sake tayar da jirgin bayan ruwan ya janye, gonakin yamma sun daina walƙiya, geron yana tsaye. A gabas kuwa farin yashi ne shimfiɗe, sai 'yan karare a can gefe, a karkace. Zubair bai kawo mata wannan bidiyon ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Da kaka Basiru da maƙwabtansa suka aiko mata da dammunan gero a kan amalanke, har rumbunta ya kasa ɗauka. Ta yi godiya, ta sa aka raba wa masu shigowa gaisuwa. Daga baya, da sanyi ya fara, Zubair ya zo da 'yan zangarniyoyi a cikin hularsa, abin da kararen nan suka iya fitarwa. Ba nauyi a cikinsu. Ta murza a tafin hannu, ta hura, ɗan abin da ya rage ƙanana ne, a yamutse. Ta jiƙa tsumma, ta naɗe su a ciki, ta ajiye a bayan randa. Kullum da safe sai ta buɗe ta duba ko sun tsiro, ta yayyafa ruwa. Ranar da suka fara wari ta ba kaji.

Tulun yana nan a kusurwar ɗakinta. Ta wanke shi, ta kife.

Zubair ya karɓi bidiyon farko a wurin malamin, ya sa a wayarsa. In ya zo gaishe ta, bayan an gama tambayar mutanen gida, takan ce, "Ina gonar?" Sai ya matso ya riƙe mata wayar. Jirgin ya wuce tsamiya, ya wuce ruwan, ya wuce ciyawa. In ya iso gabas takan ɗaga yatsa, shi kuma ya tsayar.