Hannun Baffa Nu'umanu Daga Dama Yake Tashi

Baffana Malam Nu'umanu Larabci aka ɗauke shi ya koyar a wata sakandare a Kebbe. Da malamin kwamfuta ya gudu birni, aka duba wanda bai iya cewa a'a ba, aka miƙa masa littafin. Makarantar ba wuta, ba kwamfuta, sai alli. Ya haddace littafin kamar yadda ya haddace nahawu a zauren kakanmu, kuma ya iya. Ni Dikko, da na ajiye boko a aji huɗu don mu huta da juna, ni ke kai shi a babur.

Ni kaɗai na san idonsa na tafiya. Ya taɓa yi wa buhun gero sallama, na amsa masa a madadin buhun. Bai yi dariya ba. Ya ce in shugaban makaranta, Malam Atiku, ya sani, ajin ya tafi daga hannunsa, don akwai mai takardar digiri da ke jiran gurbi. Tun farkon zangon ya bar rubutu a allo. Sai ya zauna ya biya, yara su rubuta, su karanto masa, ya ce daidai.

Ran nan Malam Atiku ya raba wa ajin takardar aiki bugaggiya, ya ce mai duba makarantu zai zo daga Tambuwal ranar Alhamis, yana son ganin jan biro a kowace. Laraba bayan la'asar Baffa ya kira ni zaure in zama idonsa.

Aikin shi ne mayar da lamba zuwa bainari, lissafin da ba shi da komai sai sifili da ɗaya. Ka raba da biyu, ka ajiye ragowa, ka sake rabawa har ta ƙare. Na ɗauki takardar Ikram, wadda ta fi kowa kai. Sha uku: na karanto ɗaya, sifili, ɗaya, ɗaya. Baffa ya ƙirga a yatsa, ya ce daidai, haka ragowar ke fitowa.

Don neman magana na ce ya gwada min yadda ake gane ba ƙarya suka yi ba. Ya ce in ɗora ɗaya, biyu, huɗu, takwas a kan lambobin, farawa daga dama, in tara waɗanda suka hau kan ɗaya. Na ɗora a kan 1011 ɗin Ikram. Ɗaya da biyu da takwas. Na ce sha ɗaya na samu, ko an ci biyu a hanya.

Ya ce in ba shi biro. Ya kanga takarda dab da hanci ya rubuta da kansa, sai na ga hannunsa ya tashi daga dama, yadda ya saba da Larabci. Ragowar farko ta zauna a dama, inda ya kamata, ta fito 1101. Takwas da huɗu da ɗaya, sha uku cif. Su kuwa yara daga hagu suke jera abin da kunnensu ya ji, su kuma karanto shi a jeren da ya fito daga bakinsa.

"Duba tambayar ƙasa, ta heksa," ya ce. "Arba'in da biyar. Mi tar rubuta?"

Wannan da sha shida ake rabawa: biyu, ragowa sha uku, wadda ake rubutawa D. Amsa 2D. Ikram ta sa D2. Ya ce wannan ɗari biyu da goma ne. Na bi sauran takardun, duk kansu a juye. Sai irin biyar da tara, 101 da 1001, da ko ta ina ka karanta ɗaya ne, su suka tsira.

Na ce abu mai sauƙi, in zana musu jan daidai, mai dubawa shinkafa zai ci ya tafi, wa zai tsaya tara takwas da huɗu.

"Ɗiyan mutane na, Dikko. Da wanga za su shiga jarrabawa."

Da safe muka tarar da baƙuwar mota a gindin dogon yaro. Na ce mu juya, in ce taya ta yi faci. Ya sauka. Na laɓe a taga ina kallo.

Ya ce wa yara kuskuren nasa ne, su buɗe ido, yau a allo za a yi. Ya lalubi alli, ya fara daga dama, yana rubuta lambobin manya-manya. Allon kuwa cike yake da darasin Turancin jiya, ba a goge ba. A kan rubutun ya yi ta rubutawa, baƙi kan baƙi. Malam Atiku da mai duba makarantu suna bakin ƙofa tun lamba ta biyu.

Ikram ce ta tashi ta ɗauki tsumma, ta goge masa gefe guda, ta kama hannun rigarsa ta kai shi wurin. Ya gama darasin, suka gyara takardunsu da hannunsu.

Da aka tashi, Malam Atiku ya ce yana son ganinsa a ofis, ya zo da littafin. Baffa ya miƙo min hannu in kai shi, a gaban kowa. Da ya fito ba littafi a hammatarsa, ya ce in ja babur a hankali.