Awa Shida a Cikin Awa Uku

Shekarata ta biyu da fara koyar da lissafi a lise, wato babbar sakandare, a Magarya aka sa ni cikin masu gyaran takardun bak (jarrabawar fita sakandare) na gwaji, wanda 'yan ajin ƙarshe ke yi kafin na gaske. Mu uku ne. Babbanmu wani dattijo ne ɗan Dungas, shi ya koya mini lissafi tun ina ɗaliba, lokacin da na zo daga Yekuwa ina zaune gidan gwaggona. Shi ya tsara tambayoyin, shi ya rubuta takardar amsoshi da hannunsa. Har yau idan ya shigo ɗakin malamai sai na miƙe.

Tambaya ta uku a kan jiran mota take. An ce wanda ya je tasha zai tafi Guci ran kasuwa yana jira daga sifiri zuwa awa uku kafin mota ta cika. An kira lokacin jiran t, aka ba da dansite, wato ma'aunin yadda yiwuwa ta rarrabu a kan lokacin: k sau t². A nemo k, sannan a nemo matsakaicin jiran da ake sa rai.

Takardar amsoshi ta ce k ɗaya bisa uku ne, matsakaicin kuwa 27/4. Na gyara takardu wajen goma ina binta ido rufe, ina soke amsoshi da jan bik, wato biro. Sai na zo kan ta wata ɗaliba mai ƙananan rubutu. Ta sami 9/4, ta kuma ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa amsar ta faɗa tsakanin sifiri da uku, don haka tana iya zama daidai. Na ajiye bik ɗin. 27/4 awa shida ne da minti arba'in da biyar. Ta yaya matsakaicin jira zai wuce jira mafi tsawo?

Na juya bayan wata takarda na yi da kaina. Dole jimillar yiwuwa ta zama ɗaya. Antegral na t², wato lissafin da ke fitar da jimillar, shi ne t³/3. Daga sifiri zuwa uku ya ba da ashirin da bakwai bisa uku, tara ke nan. Saboda haka k ɗaya bisa tara ne. Matsakaici kuma antegral ne na t sau dansite. Na t³ ya ba da 81/4, a raba da tara, saura 9/4. Awa biyu da kwata. Na ga ma inda Malam ya zame: wajen t³ ya sa tara maimakon ashirin da bakwai.

Abokin aikina na uku ya leƙo, ya gane, ya ba ni shawara a hankali in bari a gama. Ya ce maki uku ne kawai, kuma gwaji ne, ba a kunyata dattijo kan wannan. Na ce masa waɗanda muka soke za su ɗauka su ne ba su iya ba, su shiga bak da wannan a ransu. Ban ji ko ɗar ba game da lissafin. Yadda zan faɗa ne kawai na tsaya tunani.

Na jira har Malam ya dawo daga sallar azahar ya zauna shi kaɗai. Na rusuna na ajiye takardata gabansa.

“Malam, ku duba mini nan. Idan na sa k ɗaya bisa uku, jimillar yiwuwa uku take fitowa, ba ɗaya ba.”

Ya sa tabarau, ya bi layukan da yatsa, bakinsa na motsi. Ya daɗe. Can ya ɗago ya tambaye ni takarda nawa na riga na soke. Na ce goma, shida daga ciki amsarsu daidai ce.

“To, 'yata, kwaso su duka. Nawa ma da na wancan.”

Mun kai la'asar muna sake gyara. Shi da kansa ya soke amsarsa, ya rubuta sabuwa a gefe ya sa hannu. Bai yi fushi ba, bai kuma yi dogon bayani ba. Ya ce dai idonsa ya fara gajiya da ƙananan lambobi.

Ranar da aka mayar wa ɗalibai takardunsu ya neme ni in raka shi ajin. Ya rubuta 27/4 a tablo, wato allon aji, ya gaya musu amsarsa ce, su nemo abin da ya hana ta zama gaskiya. Ɗaliban ba su saba jin haka daga bakinsa ba. Daga baya hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya. Sai ya miƙo mini alli ya koma bencin baya ya zauna, na yi musu gyaran daga farko har ƙarshe.

Da shekara ta kewayo, shi ya je wurin shugaban makaranta ya ce a ba ni ajin ƙarshe. Na riƙe ajin shekara shida kafin a canza mini wurin aiki zuwa Damagaram.