Gishirin Da Muka Zaɓa Da Ƙuri'a

Ina da shekara arba'in da uku na shiga makarantar koyon aikin lafiya a matakin farko, bayan na gama yaƙi da jahilci da sakandaren yamma, ina yi ina sayar da atamfa a Fagge. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba a lokacin, kuma duk wanda ka taɓa sai ya ce maka dimokuraɗiyya ta zo. Ko acaba ka hau ka nemi ragi, sai ɗan acaban ya yi maka lacca a kan 'yancinsa.

Akwai kwas ɗaya da ya tsaya min a wuya, na lafiyar yara. Na faɗi shi sau ɗaya, kuma dokar makarantar ba ta da kunya: ka sake faɗuwa, a sallame ka. In na koma gida da takardar sallama, na san abin da ke jirana. Matan layinmu da suka ce tsohuwa ta haukace za su zo yi min jaje da murmushi har kunne.

Malamin kwas ɗin yana da majigi. Shi kaɗai ke da shi a makarantar, yana ɗauke da shi kamar ɗan fari. Zai haska rubutu a bango, kafin ka kwafe layi biyu ya sauya. Sannan ya ba mu sunayen littattafai uku ya ce mu karanta duka, jarrabawa za ta fito daga ko'ina. Allah ya saka masa, ya taƙaita mana.

Mu uku muke karatu tare. Akwai ƙawata Bayarbiya, haifaffiyar Sabon Gari, wadda iyayenta ke sayar da tukwane da kwanuka, Hausa a bakinta kuwa ta fi tawa gishiri. Akwai kuma wata yarinya Babarbariya, maƙwabciyarmu a Fagge, sa'ar 'yata ta fari, mai ƙwaƙwalwa kamar me, wadda ta naɗa kanta shugabarmu ba tare da an yi zaɓe ba. Muka yanke shawarar haɗa littattafan nan uku da abin da muka kwafo daga majigi su zama rubutu ɗaya. Ni aka ba alƙalami, don rubutuna manya ne irin na 'yan yaƙi da jahilci, ko daga tsallaken titi ana karantawa.

A bayan shagon tukwane muke zama bayan la'asar. Makon farko lafiya lau. Inda littattafan suka yarda da juna, mu rubuta sau ɗaya. Inda ɗaya ya fi bayani, mu ɗauki nasa. Sai muka zo kan ruwan gishiri da sukari, wanda ake ba yaro mai gudawa idan babu na leda a kusa. Nan ne manyan masana suka kaure da faɗa a kan tabarmarmu.

Littafi na farko ya ce cokali takwas na sukari, ɗaya na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa. Na biyu ya ce takwas na sukari, rabin cokali na gishiri, a lita ɗaya. Na uku, bugun ƙasar nan, ya ce goma na sukari, ɗaya na gishiri, a ruwa cikin kwalbar giya guda, wato mil ɗari shida. Majigin Malam kuwa ya ce takwas, ɗaya, kwalba guda.

Shugabarmu ta ce, "Mama, abin ai mai sauƙi ne. Masu rinjaye za mu bi."

Muka kaɗa ƙuri'a layi-layi. Sukari takwas ya ci da uku. Gishiri cokali ɗaya ya ci da uku. A kan ruwa aka yi kunnen doki, biyu da biyu, sai ta ce tunda Malam ne mai maki, ƙuri'arsa ta fi nauyi. Kwalba ta yi nasara. Na rubuta da hannuna, har na ja layi a ƙasa. Muka kai shagon fotokwafi a nan Sabon Gari, kafin kwana biyu rabin aji na riƙe da shi, ana ce masa rubutun Mama.

Abin da ya tayar min da hankali ba ilimi ba ne, girki ne. Shekara ashirin da wani abu ina zuba gishiri a miya. Ranar Asabar ina kaɗa kuka, na ɗebi gishiri a cokali, sai na tsaya ina kallonsa. Wannan duka a ruwan da bai kai lita ba? A ba jariri?

Washegari na ce wa ƙawata ta samo min kwalbar giya.

Ta ajiye murfin tukunyar da ke hannunta. "Hajiya, bokon har ya kai nan?"

"Wadda babu komai a ciki, 'yar nema."

"To ai da sauƙi. Na ɗauka jarrabawa ce ta fara taɓa ki."

Ta karɓo a wajen wata maƙwabciyarsu, ta naɗo ta cikin jarida da leda biyu kamar mai safarar makami. Muka wanke ta sau bakwai, ƙawata ta ƙara na takwas saboda tsoron Allah. Muka jera kwanuka huɗu sababbi daga shago, muka haɗa kowane yadda mai shi ya ce, da cokalin awon magani mai cin mil biyar. Littafi na biyu ya rubuta cewa kada ruwan ya fi hawaye gishiri. Nasa ya yi daidai da hakan. Na farko ya ɗara shi. Na uku da na Malam kuwa, shugabarmu ta kurɓa ta tofar a kwata, ta ce ko kifi aka jiƙa a ciki sai ya yi ƙara.

Na ce to littafin ƙasarmu ma ya haukace ke nan? Na koma na karanta shi tun daga saman shafi, da yatsa, yadda aka koya min a ajin manya, abin da su masu saurin karatu suke yi min dariya a kai. A can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, an rubuta cewa cokalin da yake nufi ɗan ƙaramin nan ne na gidajenmu, mai cin mil uku, a shafe bakinsa. Sauran biyun da na mil biyar suke awo. Muka sake haɗawa da ƙaramin, sai ga shi ya dawo kusa da na farko. Na duba shekarun bugu kuma, ashe na farkon ya girmi na biyu nesa, daga baya ne aka rage gishirin don mata kan cika hannu. Ba faɗa suke ba. Kowa da cokalinsa, da ruwansa, da zamaninsa. Mu ne muka ciro kan wannan muka ɗora a wuyan wancan, muka kira shi sakamakon zaɓe. Duk wanda ya bi rubutun Mama da cokalin awo, zai ɗura wa yaro gishiri ninki uku da ɗoriya a kan na littafi na biyu, yaron da jikinsa ya riga ya bushe, har abin ya kai shi ga jijjiga.

Shugabarmu ta ce, "Amma dai abin da muka rubuta shi ne na majigi. Shi za a tambaya."

"Shi ma Malam zaɓen ya yi," in ji ƙawata. "Shi kaɗai a rumfa."

Kwana huɗu na yi ina sake rubutun, ba wannan shafin kawai ba, duka. Na ɗauki littafin ƙasarmu ya zama ƙashin baya, tunda da tsarinsa za a tura mu aiki. Duk adadin da na rubuta, na manna masa ma'auninsa da littafin da ya fito da shafin. Inda wani ya saɓa, na sa shi a gefe ɗungurungum, da shekararsa, ban gutsuro rabinsa ba. A hanya na kama wasu wurare biyu da muka yi irin wannan aure, ɗaya a kan zafin jiki, inda littafi guda ke auna na hammata, ɗaya na baki. Na bi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya ina karɓe tsohon. Wasu suka hana, wai sun riga sun haddace, kada in rikita su da gaskiya ana saura mako a yi jarrabawa.

Sai na je ofishin Malam da rubutun da cokula biyu a jaka. Kwalbar dai na bar ta, ina da sauran mutunci.

Ya saurare ni yana kallon agogo. Ya ce, "Hajiya, ai kowa ya san ƙaramin cokali nake nufi."

"To Malam, in ƙaramin ne, sukarin goma ne ba takwas ba."

Ya ce, "Shekara nawa kika yi a wannan fanni?"

"Ban kai biyu ba. Amma yara shida na yi wa jinyar gudawa, ba a bango ba."

Ya ce abin da ya koyar shi zai duba a takarda, kuma ƙofa tana bayana. Na gode masa ƙwarai, na ce Allah ya ƙara wa majigi lafiya.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito, ta biyu a takarda, maki mai tsoka. Na zauna ina kallonta, ina ganin fuskokin matan layinmu. Takwas, ɗaya, kwalba: kalma uku, in wuce lafiya. Na ɗora alƙalami, hannuna ya ƙi. Na rubuta na ƙasarmu cikakke, da girman cokali da yawan ruwa. A ƙasa na ƙara cewa akwai mai cewa takwas da ɗaya a kwalba, kuma na nema a littattafai uku ban same shi ba. Wannan layin na ƙarshe ba dole ba ne. Bakina ne ya sauko hannu.

Da sakamako ya fito, shugabarmu, wadda ta rubuta na majigi tana sane, ta samu maki mafi girma a aji. Ƙawata ta rubuta duka biyun ba ta ce komai ba, ta samu na tsakiya. Ni na tsallake da maki na ƙarshe da ake tsallakewa da shi, babu ƙarin ko ɗaya, irin wanda ake ba mutum don kada a sake ganin fuskarsa a aji. Na karɓa hannu biyu. Matan layinmu suka zo barka, murmushin bai kai kunne ba.

Shekarar da ta biyo, wata 'yar ajin bayanmu ta kawo min abin da ta kwafo don in duba mata. Majigi ya tuba: goma, ɗaya, ƙaramin cokali a shafe, mil ɗari shida. Ta ce Malam ya daɗe a kan wannan shafin, yana gargaɗinsu da su kula da ma'auni, domin a bara akwai wasu ɗalibai da suka haɗa littattafai barkatai suka kusa rikita aji guda.

Na ce mata gaskiya ya faɗa, na san su.