Kwarkwaro Uku na Dede Ukaegbu

Dede Ukaegbu ya shekara arba'in yana sayar da kekunan ɗinki a Aba, kuma abin da aka fi saninsa da shi shi ne hana mutane saye.

Ya fara sana'ar ne bayan yaƙin basasa, lokacin da mata ke tono kekunan da suka naɗe da buhu suka binne a bayan gida kafin gudun hijira. Yana ɗan shekara goma sha huɗu aka ba shi kananzir da tsumma, aka ce ya raba tsatsa da ƙarfe. Karatunsa bai wuce aji uku ba. Amma in tela yana ɗinki a shago na uku da nasa, Dede zai karkata kai ya ce, "Allurar wancan ta lanƙwashe," kuma in aka je a tarar haka ne.

Ni kuwa na yi karatu, shi ne ma matsalar. Shekara tara ina koyar da lissafi a makarantar kuɗi, inda albashi ke zuwa kamar baƙon da ba a sa masa rana ba. Da mahaifiyata ta rasu sai ta bar mini shagonta, da baƙin kekenta na gida mai taka ƙafa, da sana'ar da ta koya mini tun ina yaro. Na ajiye alli na ɗauki almakashi. Sunana Chimezie, amma har yau Ticha ake kirana.

A watan Yuli na shekarar, Daa Nwanyieze, shugabar matan garinmu mazauna Aba, ta sauke mini bandir ɗin farin leshi. Riga talatin da shida za a ɗinka, na taron mata na watan Agusta da ake yi can ƙauyenmu, wanda duk matar da ta je babu anko sai ta biya tara, ta kuma sha surutu har Kirsimeti.

"Ticha, saboda uwarka muka zo," in ji ta. "Kwana goma za mu hau mota. In rigunan nan ba su shiga motar ba, ka koma wa allonka. Teloli ba su ƙare a Aba ba."

Matan nan su ne duk cinikin shagon. Riga uku nake iya fitarwa a yini, ga lahadi biyu a tsakani. Ba sai an yi shekara tara ana koyar da lissafi ba kafin a gane cewa takwas sau uku bai kai talatin da shida ba.

Sai na ɗauki biro. Babban keke irin na masana'antu yana caka allura wajen sau dubu biyar a minti guda. Na gida, in ƙafa ta ƙoshi, ɗari bakwai zuwa takwas. Ninki shida ke nan. Babban keke da teburinsa da injinsa naira dubu saba'in a lokacin. Janaretan da zai iya ɗaukarsa dubu arba'in, don ƙaramin nan na kunna fanka, da an tayar da injin sai ya yi tari ya mutu. Abin da na tara duka dubu ɗari da biyu ne. In na sayar da keken Mama dubu takwas, magana ta ƙare. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, kamar yadda nake koya wa yara.

Na tarar da Dede a ƙofar shagonsa yana cin goro. Na miƙa masa takardar. Ya juya ta, ya duba bayanta, ya miƙo mini.

"Rubutunka da kyau, Ticha. Me kake ɗinkawa?"

"Rigunan mata, Dede."

"To gobe ina zuwa."

"Kuɗin na nan a aljihuna. Yau nake so."

"Kuɗin ba zai ruɓe ba. Ni ba na aurar da keke sai na ga gidan miji."

Ya nuna mini cikin shagon da haɓa. Manyan kekuna bakwai ne jere, an rufe su da leda. "Waɗannan duk zawarawa ne. Kowacce a baro ta dawo, mai ita na biye kamar masu rakiyar gawa. Na gaji da karɓar gaisuwa."

Akwai masu sayar da keke ashirin a layin, kowanne zai karɓi kuɗina yana murmushi. Amma Dede ne ya riƙa gyara wa Mama kekenta shekara talatin, kuma a wurinmu ba a juya wa irin wannan baya da rana tsaka. Na koma gida ina lissafin yinin da tsoho zai cinye mini.

Washegari da sassafe ya zo da gwangwanin madara. A ciki akwai kwarkwaro, ɗan ƙarfen nan da ake naɗa wa zaren ƙasa, guda goma. Ya cika su da farin zare, ya kwashe nawa ya zuba a aljihu, ya sa ɗaya a keke, ya jawo benci ya zauna.

"Yi aikinka. Ka ɗauka ba na nan."

Da wuya a ɗauka Dede ba ya nan. Ya yi gyangyaɗi, ya yi gardama da mai ayaba, da rana ya cinye kwano biyu na kwaɗon rogo a kan kuɗina. Ni kuwa na yi yanka, na daidaita furen leshi da shafi, na yi guga da dutsen gawayi. Sau uku na kwashi aiki na tafi bakin titi wajen mai wibin, wato keken da ke ɗaure bakin yadi kada ya zare, na bi layi. Mata biyu suka zo gwaji, ɗaya ta rantse awon bara ne daidai, tef ɗina ne ya tsuke. Duk lokacin da zaren ƙasa ya ƙare, Dede ya miƙo wani kwarkwaron, ya ajiye wanda ya ƙare a kan benci.

Ƙarfe shida ya ce in zo in ƙirga.

"Uku," na ce.

"Ashe ka iya. To babban keken nan naka, in ka danne shi a kan doguwar hanya, kwarkwaro ɗaya ba ya kai masa minti biyar. Uku fa?"

"Minti goma sha biyar."

"Keken uwarka kuma ya yi su a awa ɗaya da 'yan kai. To awa guda za ka saya da dubu ɗari da goma. Ita ma ba za ka same ta duka ba. Ina doguwar hanya a rigar mace? Kwana ne a wuya, kwana a hammata, taƙi ɗaya ka tsaya ka juya. Ka taɓa ganin an yi gudu da tirela a cikin kasuwa? Ga shi injin yana kunne yana shan mai ko kana ɗinki ko kana rigima da Daa Nwanyieze. In wuta ta ɗauke, mai ya ƙare, ya zama teburin cin abinci. Ko allurar da ke gwangwanin uwarka ba za ta yi masa ba, tasa daban ce."

"To a ce babban keke banza ne?"

"Wa ya faɗa? Je ka kasuwar Ariaria ka ga masu wando ɗari a yini. Ka ba su keken uwarka su kashe shi a wata uku, su ma ƙafarsu ta mutu. Su yana ciyar da su, kai zai cinye ka." Ya tofar da goro. "Kai dai ƙafarka na lura da ita. Sau uku ka fita, kowace fita kusan awa. Ba keken ne ke da nawa ba, Ticha, kai ne ba ka zama a kansa."

Na duba takardata. Babu kuskure ko ɗaya a cikin lissafin. Tambayar ce kawai ba ita ba ce.

Abin da ya sayar mini shi ne ɗan ƙaramin keken wibin na hannu, mai zare uku, ya ɗora shi a kan tsohuwar ƙafar keke don in riƙa takawa ba sai da wuta ba. Dubu goma sha huɗu. Ya sa kafinta ya buga mini faffaɗan tebur, ya ce tunda riguna iri ɗaya ne, in yanka su duka a yini guda, kowacce da sunan mai ita a takarda, in daina tashi ina zama kamar mai basir. Ya wanke keken Mama, ya canza masa igiya. Wato mutumin ya bar cinikin dubu saba'in, ya rufe shagonsa yini guda, ya tashi da dubu goma sha huɗu da kwano biyu na rogo. Matarsa ta ce da ni shi ya sa har yau suke gidan haya.

Kwana biyu sun riga sun tafi, na uku ya tafi a yanka, saura biyar na aiki. Na fara fitar da shida a yini, ran da ba gwaji bakwai. Lahadi ta biyu kuwa, in faɗi gaskiya, an ga kujerata a coci amma ba a gan ni ba. A makon, taransifomar layinmu ta ƙone, ban sani ba sai da na ji maƙwabta na zagi. Ranar tafiya da safe Daa Nwanyieze ta zo ta ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta juya cikinsu tana neman abin faɗa. Talatin da shida cif.

"Uwarka ta fi ka hannu," ta ce. "Amma za a iya sawa. Akwai bikin 'yar ƙanwata a Nuwamba."

A bakin Daa Nwanyieze wannan lambar yabo ce.

Bayan shekara huɗu wata makaranta ta ba ni ɗinkin kayan 'yan makaranta, wando da siket ɗari uku, ɗinki miƙaƙƙe tun daga sama har ƙasa. Ban ɗauki biro ba. Na cika kwarkwarona na fara, kafin rana ta take tsaka shida sun ƙare, gwiwata na kuka. Na zuba su a aljihu na je na juye masa a tafin hannu.

"Na yini nawa?"

"Rabin yini, Dede."

Ya tashi ya yaye ledar ɗaya daga cikin zawarawan. Ya canza mata inji, ya sa na zamani wanda ba ya juyawa sai an taka, mai cin wuta kaɗan. Ya cika mata kwanon mai, ya nuna mini ƙarfen da ake turawa da gwiwa a ɗaga ƙafar da ke danne yadi. Ya ba ni tsohon buhun gari ya ce in yini ina ɗinka shi kafin in taɓa yadin mutane. Na ce ai ni tela ne. Takawar farko keken ya fizge buhun ya kai shi ƙasa ta bayan tebur.

"Tela ne kam," in ji Dede.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ya koma ƙauye. Duk watan Agusta ina bin motar matan in kai masa goro da sabuwar riga. Da kunne yake karɓar labari. Tambayarsa ta farko ba ta canzawa.

"Zawarata ba ta dawo ba dai?"

"Tana ɗakinta, Dede."

"Na uwarka fa?"

"Shi ya ɗinka rigar da ke hannunka."

Sai ya bi ɗinkin wuyan da ɗan yatsa, a hankali, ya ce zaren sama ya ɗan yi tsauri, in sassauta shi kaɗan.