Wake da Ƙuli-ƙuli

Ina aji biyar a sakandare a Jega aka zaɓe ni in yi wa makarantarmu tseren dogon zango a Birnin Kebbi, ba a daɗe da ba mu jiha ba. Siriri ne ni, kuma kullum da safe ina gudu a hanyar Aliero da cikina wayam. Wata rana jiri ya kayar da ni a bakin wata gonar albasa.

Malamin wasanninmu, wani Kirista mutumin Zuru, ya same ni a wurin, ya raka ni gida. Ya ce wa innata, "Mama, yaron nan yana bukatar nama da ƙwai."

Inna ta yi dariya. "Malam, nama sai Sallah. Amma bar ni da shi."

Daga ranar, in na dawo daga gudu sai in tarar da kunun gero mai kauri da ƙosai. Da rana dafa-dukar wake da shinkafa, waken ya fi yawa, ta barbaɗa dakakken ƙuli-ƙuli. Ranar kasuwa takan karɓo nono wurin ƙawarta Bafulatana ta dama min fura. Da damina ta shigo, kawuna na Maiyama ya riƙa aiko ƙwan zabi.

Malam ya zo ya ga kwanona, ya ce, "Mama, wannan ya wadatar." Ta zuba masa nasa, ya cinye tas.

Na zo na huɗu a tseren, ban samu kofi ba. Da na faɗa wa Inna, abin da ta fara tambaya shi ne, "Ka faɗi a hanya?" Na ce a'a. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Wanke hannu ka ci."