Famfon Mandera da matsayin Baba

Shekarar da na gama hidimar ƙasa na samu aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai gyaran famfunan burtsatse, ofishinmu a Bodinga. Aka ɗora ni a kan manhajar da muke bin ayyuka da ita. Kowane famfo da ya lalace aiki guda ne, kowane ma'aikaci kuma da matsayin da za a sa shi. Wani kallo kawai zai iya, wani ya rubuta rahoto, mai kula ne kaɗai yake rufe aiki ko ya sake buɗe shi.

Babban makanikenmu sa'an mahaifina ne, Baba muke ce masa. Da na zo kan sunansa na ji kunyar sa shi ƙasa da ni, sai na ba shi matsayin mai kula. Ina jin girmamawa na nufa.

Wata Litinin shugabar kwamitin ruwa na ƙauyen Mandera ta kira ni.

"Ɗana, kwana huɗu ke nan ba ruwa. Kun manta da mu?"

Na duba. Baba ya rufe aikin tun ranar da ya canja robar cikin famfon. A wurinsa, in ya ɗaure noti na ƙarshe an gama. Amma direba jerin buɗaɗɗun ayyuka yake bi, kuma sau ɗaya motar take zuwa ɓangaren Shagari, inda Mandera take, a mako, ranar Talata. In ban buɗe ba, sai wani makon.

Ina da ikon buɗewa. Sai dai manhajar tana rubuta wanda ya buɗe, ta kuma aika wa kowa sanarwa. Na kira Baba sau uku, layinsa bai shiga. Na rubuta dalili na goge, na sake rubutawa: "Mai yiwuwa akwai sauran matsala." Gab da tashi daga aiki na danna, na buɗe shi.

Da safe Baba ya same ni a bakin ƙofa.

"Malamin kwamfuta, kai ka buɗe aikin da ni rufe? Ƙarya ni yi?"

Na durƙusa. "Ranka shi daɗe, ba haka ba ne. Sun ce dai ruwan bai zuwa. Wataƙila..."

"Wataƙila. Ka taɓa riƙe sifana?"

"A'a, Baba."

Ya juya ya shiga mota. Da la'asar rahotonsa ya shigo, layi ɗaya: bututu ya tsage a ƙasa, an canja.

Shugabar ƙungiyarmu ta ce a gyara tsarin. Makanike ya kai aiki matakin "jiran tabbaci", rufewa kuma sai ni, bayan kwamitin ƙauye ya ce ruwa na zuwa. Buɗewa, duk wanda ya ji koke ya buɗe. Ni na sauke Baba daga mai kula.

Ya yi kusan wata biyu yana amsa gaisuwata a taƙaice. Aikin Mandera kuwa ban rufe shi ba sai da na kira matar nan sau biyu, ta tabbatar mini ruwa na zuwa.