Ruwan Madambaci

Na dawo daga neman itace da hantsi na tarar da Inna tana jijjiga jaririyar a tsakar gida. Jaririyar tana kuka, wani irin kuka siriri da ban taɓa ji daga bakinta ba. Ɗiyar ƙanena ce, watanta biyu da 'yan kwanaki. Uwarta tana kwance asibitin Filinge tun bayan zazzaɓin da ya ƙafar mata da nono, ubanta yana can yana jinyarta. Sun bar mana ita da gwangwanin madara da kwalbar shayarwa, ni da Inna, mahaifiyarmu.

A wannan bazarar rabin garinmu ya watse. An rufe lakwal, wato makarantar da nake koyar da kimiyya, saboda mutanen daji, an hana hawa babur, motar kasuwa ma ta daina shigowa. Mace ɗaya da ke shayarwa a unguwarmu ta bi mijinta Tabla. Sai kuma injin famfon gari ya mutu, mai gyara yana Filinge, ba wanda ya san ranar zuwansa. Ruwan leda ya ƙare a shagon garin tun ranar farko. Abin da ya rage mana shi ne tsohuwar rijiyar fadama, wadda ruwanta ke da gishiri da kanwa. Shanu na sha, mu manya ma muna sha muna yamutsa fuska, cikinmu ya yi ta ƙugi. Ɗan ruwan famfon da ke cikin tulu na keɓe wa jaririya, na san kuma ya kusa ƙarewa.

Na tambayi Inna da wane ruwa ta dama madarar safe. Ta ce na tulu ya ƙare tun jiya da la'asar, ba ta so ta tayar mini da hankali, sai ta ɗebi na rijiya. Amma in kwantar da raina, ta tace shi da ƙyallen kurkunu har sau biyu, ta kuma tafasa shi ya daɗe bisa wuta, har ya ragu.

Har ya ragu!

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai gane darajar ƙyallen nan ba. Lokacin da ake yaƙi da kurkunu an raba shi gida gida, aka ce kowa ya tace ruwan tafki kafin ya sha, aka tace, ciwon kuma ya ɓace. Inna ta ga tsutsar tana fita daga ƙafar yayanta da idonta. Tun daga nan, a wurinta da sa'o'inta, duk ruwan da ya bi ta ƙyallen ya zama lafiyayye, magana ta ƙare. Tana ajiye nata a ninke cikin kwalla kamar kayan aure.

Na karɓi yarinyar. Leɓɓanta sun bushe, maɗigarta ta ɗan faɗa, ta yi amai a kafaɗata. Na hau tudun bayan gida inda ake samun layin waya, na kira majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin yankinmu. Ya ce ƙodar jariri ba ta iya fitar da gishiri kamar ta babba, kada a ƙara ba ta ko cokali ɗaya na wannan ruwan. In samo ruwa marar gishiri, in dama madara daidai awo, in riƙa ba ta kaɗan kaɗan, in sa ido kan fitsarinta. Idan ta fara fizge-fizge in kawo ta ko ta halin ƙaƙa. Na tambaye shi ta wace hanya. Sai layin ya yanke.

Na sauko daga tudun. Shekara da shekaru ina tsaye gaban allo ina koya wa yara hanyoyin raba abubuwan da suka cakuɗe, ina ce musu a fara tambaya: mene ne a ciki, me kake son ka riƙe? Ranar nan sai da na zauna bakin murhu na yi wa kaina tambayar da ƙarfi kamar mahaukaciya. Ruwa ne da laka da gishirin da ya narke. Ruwan nake so.

Inna ta kafe a kan ƙyallenta. Ta ce ruwan ya fito garau, in duba in gani. Ni kuma raina ya ɓaci, na ɗaga mata murya, ta ce in bokona ya fi ƙarfin kaina in tafi in koya wa allo. Da faɗa ba za mu je ko'ina ba. Na ɗauki baƙin murfin tukunya, na ɗiga ruwanta tatacce a kai, na ajiye a rana. Zafin bazara bai ɓata lokaci ba. Ruwan ya tashi, ya bar farin tabo. Na ce ta lasa.

Ta lasa, ta tofar.

Inna ta yi aikin gishiri a ƙuruciyarta, can ƙasan fadama wajen dangin uwarta. Na tuna mata yadda suke kankaro ƙasa su zuba cikin kwando, su kwarara ruwa a kai, ya riƙa ɗiga ƙasa.

"Inna, in kun tace, ina gishirin ya kan tafi? Yana zama cikin kwando?"

"A'a. Ƙasa ka zama. Gishiri ruwa shi ka bi."

"In kun dafa ruwan fa?"

Ta dubi tukunyar da ta tafasa ruwan safe, ta dubi jikarta, sai ta zauna daɓas a ƙasa ta dafe kai. Ta gane cewa dahuwar da ta yi don ƙauna ita ta ƙara wa ruwan gishiri. Ƙyalle na tare abin da ke da jiki, laka da ƙwari. Abin da ya narke wucewa yake yi. Dahuwa a buɗe kuwa ruwan take kora, ta bar maka gishirin. Tausayinta ya kama ni, amma ba ni da lokacin lallashi.

Maƙwabciyarmu ta leƙo jin hayaniya. Ta ce ita launin ruwan ne bai kwanta mata ba, rawaya-rawaya, ana raɗe-raɗin ko an zuba wa rijiyar wani abu, tunda ni malama ce in gwada mana. Akwai gwajin da nake yi wa yara da tawada, kuromatogarafi: a ɗiga launi bisa takarda, a tsoma bakinta a ruwa, launukan su rabu, wani ya manne wani ya yi gaba. Yana nuna ko launi ɗaya ne ko gauraye. Gishiri ba ya da launin da zan gani a takarda, kuma ko ya nuna, ba zai ba ni ruwan da zai jiƙa harshen jaririya ba. Na ce mata rijiyar nan haka na san launinta tun ina yarinya. Ta koma ta kawo ragowar ruwan famfo a wani bido, jarkar roba, Allah ya saka mata. Ina buɗewa warin isansi ya buge ni, mijinta ya taɓa zuba mai a ciki. Wannan ko tafasa shi na yi na kama tururin, man zai tashi tare da shi, ya ma riga shi. Na mayar mata ina ba ta haƙuri.

Hanya ɗaya ta rage: a tafasa ruwan rijiya, a kama tururin, a sanyaya shi ya koma ruwa. Gishiri da kanwa ba sa tashi da tururi. A lakwal muna da kwalabe na wannan aikin, amma lakwal a kulle take, kuma ba malamin da ke son a gan shi a ƙofarta a lokacin.

Sai na ɗauko madambaci. Na tace ruwan da ƙyallen Inna don ya rage laka, na zuba a tukunyar ƙasa. Na ɗora madambacin, na ajiye kwano wankakke ba kome a tsakiyarsa. Murfin kuma na kife shi, maɗaukinsa yana kallon kwanon, na zuba ruwan randa mai sanyi a kwarmin samansa. Tururi zai bi ta hudojin madambacin, ya bugi murfi mai sanyi, ya yi gumi, ya gangaro ta maɗauki ya ɗiga a kwano. Tururi na ta tserewa ta gefe. Inna ta tashi ta jiƙa tsumma da garin kuka ta liƙe mahaɗin, yadda take yi in tana dambu.

Jira ya fi kome wuya. Ruwan saman murfi na yin ɗumi in kwashe in zuba mai sanyi. Yarinyar ta daina kuka, wannan shirun kuwa ya fi kukan ba ni tsoro. Kowane lokaci ina kai kunnena hancinta. Ina duban 'yan yatsunta, in sun motsa in ce fizgar ce ta fara.

Da na buɗe, abin da ke cikin kwanon bai wuce kofin shayi ba. Na ɗanɗana. Salam, ba gishiri ko alama. Na ɗiga a baƙin murfi na sa a rana don in tabbata, ya bushe bai bar kome ba. Na dama madara daidai awo. Da fari ta ƙi kama kwalbar, sai da cokali, ɗigo ɗigo, Inna na riƙe da kanta tana karanto duk addu'ar da ta sani. Ta haɗiye, ba ta amayar ba.

Kofin shayi ɗaya ba ya riƙe jariri, kuma aikin nan yana cin itace kamar gobara. Kafin azahar ta gota wanda na samo da safe ya ƙare. Muka ƙona karan dangar bayan gida, muka ƙona kashin shanu. Kwano na biyu ya taru, na uku yana kan wuta, wutar na mutuwa. Zanen da ke ƙarƙashin yarinyar kuwa a bushe yake ƙayau, ba fitsari ko ɗigo. In fita daji neman itace da la'asar, ba wanda ke yin haka a shekarar nan. Na tsaya tsakar gida ina dube-dube, hawaye na zubo mini, ban san ma sun zo ba.

Sai na ji sara a bayana. Inna ce da gatari, tana faskara turminta. Turmin da aka kawo ta gidan nan da shi. Na ce Inna! Ta ce in rufe mata baki in kula da murfina.

Itacen turmi yana da ƙarfi, ya daɗe yana ci. Muka samu kwano na uku da na huɗu. Rana ta yi sanyi, Inna na zaune da yarinyar a cinya, ni ina canza ruwan murfi, sai na ji ta kira ni da murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga yarinyar kaɗan. Zanen Inna ya jiƙe, ɗan wuri kamar tafin hannu.

Na ce ta ba ni ita ta je ta canza, ga magariba ta kawo kai, za ta yi salla.

"Bari tukuna," ta ce. "Bari ta ƙara."